Kajina suna mutuwa bayan na sayo zakara a kasuwa

Wata uwargida daga Malumfashi: Assalamu alaikum. Ina da kajin gida 23. Na sayo zakara ranar kasuwa na sake shi cikinsu, bayan kwana shida sai suka fara zawo kore, suna sauke fukafukai suna gyangyaɗi. Tara sun mutu cikin kwana uku, ɗaya kuma wuyanta ya murɗe. Me zan ba sauran?

Wani mai kiwo daga Funtuwa: Wa alaikumus salam. Hajiya, wannan fakat ce, kuma sanyin hunturu ne ke kawo ta duk shekara. Ki fasa musu kafso a ruwan sha, ki daka barkono ki zuba, haka muke yi.

Wani ma'aikacin lafiyar dabbobi: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Malam ya yi gaskiya cewa alamun na fakat ne, kuma ta fi tsanani da hunturu, amma sanyi ba ya haifar da ita. Ƙwayar cuta ce da ke fita ta kashin kaza da majinarta da numfashinta, sauran kuma su ɗauka a wurin tsattsage da kaskon ruwan da suke sha tare. Daga shigarta jiki zuwa bayyanar alamu akan ɗauki kwana biyar ko shida, wani lokaci har mako biyu, shi ya sa nake zargin zakaran nan. Da yawa daga masu kaji, da zarar sun ga biyu sun mutu, sai su kwashi sauran zuwa kasuwa su sayar da araha, mai saye kuma ya ga tsuntsu yana tafiya garau alhali cutar tana jikinsa.

Kafso ba ya kashe wannan ƙwaya, barkono ma haka, kuma babu maganin da ke warkar da kazar da ta riga ta kamu. Yau ɗin nan ki ware marasa lafiya nesa da sauran, ki ba su ruwa mai tsabta da abinci. Matattun a binne su a rami mai zurfi ko a ƙone su, kada a jefar a bola, domin kare zai ja mushen ya kai gidan maƙwabta. Ki share akurki, ki ƙone sharar, ki wanke kasake da sabulu, kuma ki hana yara shiga akurkin wasu da takalman da suka taka naki. Ina roƙonki ki sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku, saboda murar tsuntsaye tana kashe kaji da alamu masu kama da waɗannan, ido kaɗai ba ya rabe su, ita kuma tana iya kama mutum.

Uwargidan: Na gode, Malam. To in nemo rigakafin in yi wa 14 ɗin da suka rage gobe?

Ma'aikacin: Rigakafi yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin jikin kaza ya samu kariya, kuma ba a yi wa marar lafiya. Naki sun riga sun ci sun sha da masu cutar, don haka ko an yi musu wasu za su mutu, sai unguwa ta ce rigakafin ne ya kashe su. Maƙwabtan da cutar ba ta isa gare su ba, su ne ya kamata su gaggauta.

Nan gaba ki nemi wanda ake kira I-2, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin sa, kuma ya fi wani rigakafin fakat da ake kira Lasota jure zafi, ko da yake shi ma ba a barinsa a rana. Ɗigo ɗaya ake yi a ido ɗaya, ga babba da ɗan tsako duka. A maimaita duk wata uku zuwa huɗu, domin kariyar tana raguwa, kuma a tsakanin nan an ƙyanƙyashe sababbin 'yan tsaki da ba su taɓa samu ba. A tsara yadda zagaye ɗaya zai faɗo kamar wata guda kafin hunturu ya kama. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma ba a ajiye saura bayan an haɗa, don haka ku haɗu gidaje huɗu ko biyar a yi rana ɗaya da sassafe kafin a buɗe akurki. Duk tsuntsun da ya zo daga kasuwa ko aka kawo kyauta, a killace shi mako biyu tukuna.

Wata mai kiwo daga Maraɗi: Ni na yi wa nawa bara, a ruwan sha, amma duk da haka rabi suka tafi. Har yau ban yarda yana aiki ba.

Ma'aikacin: Baiwar Allah, a ruwan sha wata kazar ta sha da yawa, wata ba ta kusanci kaskon ba, ruwan famfo mai sinadari kuma yana lalata rigakafin. Sau nawa kika yi a shekarar, kuma a ina mai sayarwar ya ajiye kwalbar?

Mai kiwon Maraɗi: Sau ɗaya ne, da damina. Kwalbar kuwa a kan tebur na same ta, ba a cikin ƙanƙara ba. Amma agwagina ko ɗaya ba ta mutu ba, kuma su ban yi musu komai ba.

Mai kiwon Funtuwa: Agwagwa ai ba ta cika nuna ciwon ba, sai dai ta ɗauka ta raba wa kaji. Ni zabina nake tunani, ko su ma ɗigon ido za a yi musu?