An buga mini ƙasa ta waya, hankalina ya ƙi kwanciya

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema, kada a zage ni. Ni 'yar Funtuwa ce, aurena ya mutu shekara biyu ke nan, yanzu ina Agege wajen yayata muna sayar da atamfa. A gida akwai wani tsohon malami da mahaifiyarmu ke kai mu wurinsa tun muna yara. Zaurensa ko ƙofa babu, buhu ne a rataye. Sai ya baje rairayi a kan buzu, ya ce ka ɗora tafin hannunka ka faɗi buƙatarka a zuci, sannan ya fara dangwalawa. Bai taɓa yanka mana kuɗi ba, abin da Inna ta ajiye a gefen buzu shi ke nan. Ya rasu bara da azumi, Allah ya jiƙansa. Yanzu wani ya fito neman aurena, sai na samu wani malamin ta WhatsApp. Na tura sunana da na mahaifiyata da hotona da naira dubu 15. Ya turo hoton zanen ƙasa a takarda, da saƙon murya cewa akwai wata a danginmu da ta ɗaure mini aure, sai an yi sadakar baƙin rago, dubu 120, kafin Juma'a. Shin duban waya daidai yake da na zaure? In tura?

Hajiya Ladi:
Kada ki tura ko sisi. Ni an yi mini irinta lokacin da kishiyata ta tare. Da dubu 5 aka fara, aka koma turare, aka koma zakara, har sai da na sayar da ɗan kunnena na gwal. Ranar da na ce ba ni da kuɗi sai ya ce zai tura wa maigida duk maganganun da na yi a kan uwarsa. Wata uku ban yi barcin kirki ba. Tsohon ku na Funtuwa in ya gama sai ya shafe rairayin da hannu, magana ta mutu a nan. Ta waya kuwa muryarki tana hannun mutum har abada.

Baba Gardi:
'Yata, na yi shekaru ina wannan aiki kafin idona ya yi rauni, don haka bari in raba miki abin gida biyu. Akwai lissafi, akwai zama. Lissafin ƙasa bai san nisa ba. Mai duba yana dangwala layuka 16 ba tare da ƙirgawa ba, sai ya bi kowane layi yana kashe ɗigo bibbiyu. Abin da ya rage, ɗaya ko biyu, shi ake ɗauka. Layi huɗu ke ba da gida ɗaya, sai a sami gidaje huɗu na farko, su ake kira uwaye. Sauran gidaje 12 duk daga cikin uwayen nan ake fitar da su, mai duba ba shi da zaɓi a ciki. Saboda haka hoton da ya turo miki yana da amfanin da rairayi ba shi da shi: ana iya bin sa a ga ko an yi aikin daidai. Ki duba takardar, daga dama zuwa hagu, ki rubuto mini gidaje biyar na farko da na 15. Kowane gida hawa huɗu ne daga sama zuwa ƙasa.

Maman Ilham:
Baba, ya rubuta sunaye a ƙarƙashinsu da ajami. Yusuf, Umar, Ibrahim, Nuhu, na biyar Isa. Na 15 Ayuba. Ya ce Ayuban ne ya nuna ɗaurin. Kuma Hajiya, wannan ba irin naki ba ne, ya faɗa mini ina da 'ya mace ɗaya kuma ina sana'ar tufafi, ban gaya masa ba.

Abu Sumayya:
Subhanallah. Ana ta ƙirga gidaje, ba wanda ya ce mata ta ji tsoron Allah. Hadisi ne a Sahihu Muslim, wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ta dare 40 ba. Malamai ba su ce sai an taka da ƙafa ba, tambayar ce abin hani, a zaure ne ko a waya. 'Yar'uwa, ki yi raka'a biyu ki karanta addu'ar istihara da kanki, sannan ki tura yayyenki maza su binciki mai neman auren naki a unguwarsu da wurin aikinsa.

Baba Gardi:
Malam Abu, na san hadisin, na kuma san ɗayan da ke cikin Muslim ɗin, na Mu'awiya ɗan Hakam, a kan wani annabi da ya kasance yana zane. Na san Imam Nawawi ya fassara shi da hani, ba zan yi jayayya da kai a nan ba. Amma yarinyar nan dubu 120 za ta fitar kafin Juma'a, bari in nuna mata abin da idonta zai gani.

'Yata, gida na biyar daidai ne. Ana ɗaukar kawunan uwaye huɗu a jera: kan Yusuf ɗigo ɗaya, na Umar biyu, na Ibrahim ɗaya, na Nuhu biyu. Ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, Isa ke nan. To mutumin ya taɓa zama gaban malami. Amma na bi sauran a takarda ni ma, ina haɗa gida biyu biyu yadda ake yi, inda ɗigo suka zama mara a sa ɗaya, inda suka zama cika a sa biyu. Na 13 ya ba ni Usman, na 14 Ƙalla Allahu, su biyun suka haifi Sulaiman a na 15. Ba Ayuba ba.

Kuma ko ban bi ba zan gane. Gida na 15, alƙalin ƙasa, jimillar ɗigonsa kullum cika ce, huɗu ko shida ko takwas, domin kowane ɗigon uwaye sau biyu yake shiga lissafinsa. Ayuba ɗigo bakwai ne. Ba ya zama a wannan gida ko wa ya buga, ko a ina aka buga. Ko dai ya yi kuskure a tsakiya, ko kuwa ya riga ya shirya maganar da zai faɗa miki sannan ya ajiye gidan da zai tsorata ki. A zaure, da almajirinsa na gefe ya gani sai a shafe a sake.

Ɗan Agege:
Ni dai a ganina hoton ne matsalar. Hoto ba ya ɗaukar tafin hannu da kyau, layukan ba sa fitowa sai an sa haske ta gefe. Ki sake ɗauka da rana a waje ki tura masa.

Hajiya Ladi:
Wane tafin hannu kuma? Hoton fuskarta ta tura. Maman Ilham, sunan da ke kan lambarki fa? Maman Ilham ne ko? To ga 'ya mace ɗaya nan. Atamfofin kuma ba kya sa su a sitatus kullum?

Maman Ilham:
Ina sawa, amma ba lallai ya duba ba. Kuma maganar dangi gaskiya ce, akwai matar kawuna da tun auren fari ba ta so ni da alheri ba. Shi bai ambaci suna ba, ni na gane ta.

Malama Bilki:
Ki lura da abin da kika faɗa yanzu, ke kika sa sunan. Ni ban yarda da duba ba gaba ɗaya, na zaure da na waya, amma na raka kakata sau da yawa ina yarinya, kuma na ga abin da ke faruwa. Tsohon yana magana yana kallon fuska. In ya ce "akwai mace a tsakani" ya ga an sunkuyar da kai, sai ya bi nan. In ya ga an yi shiru irin na rashin gamsuwa, sai ya juya. Ga shi ya san gidanku, ya san wa ya auri wa. Rabin abin da ake kira duba sanin mutane ne, shi ya sa wani lokaci shawararsa ke yin amfani. Na waya ba shi da fuskarki, sai ya ɗauko maganar da za ta hau kan kowace bazawara. Wace ce a cikinmu ba ta da wata a dangi da take zargi? Abu ɗaya da zan yaba wa waya, mace ba ta keɓewa da namiji a ɗaki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, mun ji labarai.

Baba Gardi:
Malama, ban yarda rabi ba ne, amma zama yana da nasa. Mu a wurinmu mai buƙata shi ke ɗora hannu a ƙasa ya yi niyya, kuma akan tambaye shi a tsakiyar aiki. In na ga abu a gida na bakwai, gidan aure, sai in tsaya in ce, mutumin nan yana da mata? Amsar ita ke nuna mini inda zan duba gaba. Saƙon murya na minti uku ba ya tsayawa ya tambaye ki komai. Sannan babban abin da kika rasa shi ne kunya. Tsohon Funtuwa gobe zai haɗu da kawunki a masallaci, ba zai iya cewa a kawo dubu 120 ba. Sadaka kuma a iya sanina mai buƙata ke fitar da ita da hannunsa ya ba mabuƙata, ba a tura wa malam kuɗinta a asusu. Wani abu kuma, wane suna kika ba shi?

Maman Ilham:
Dije na rubuta, haka kowa ke kirana. Bai tambayi na yanka ba.

Baba Gardi:
To in har ya ce ya yi hisabi da sunan, da me ya yi? Hisabi da haruffan Larabci ake yi. Khadija ma kanta sai an san yadda aka ɗauki harafin ƙarshe, in an ba shi 5 jimilla 622, in an ba shi 400 ta zama 1017. Dije da boko ba ta da lissafi sai ya ƙirƙira mata.

Abu Sumayya:
Ko ya tambayi na yankan haramun ne. Baba, kana gyara masa lissafi kamar in ya yi daidai ya halatta.

Maman Ilham:
Na ji duka, na gode. Amma ku gane, ba ni da kowa a nan sai yayata, ita kuma so take in amince kawai saboda mutumin yana da shago a kasuwa. Auren fari haka aka yi mini, ba wanda ya tsaya ya duba komai. Na tura wa malamin maganar Ayuba, ya ce tasa hanyar daban ce da ta mabiya Zanati, tsohon malamin ilimin ƙasa, kuma ya rage zuwa dubu 80.

Baba Gardi:
Hanyoyi sun bambanta a suna da fassara, ba a haɗa ɗigo ba. Ki ce ya turo gida na tara zuwa na 14 a fili in gani.

Hajiya Ladi:
Nawa ma ya rage mini a karo na biyu. Saƙon murya nawa kika tura masa a kan matar kawun naki?

Maman Ilham:
Guda biyu ne kawai. Bai buɗe saƙon Baba da na tura masa ba tukuna, amma yana kan layi.