Ina son haɗa mai riɗi a Dawanau da mai fitar da kaya waje

Abu Khadija: Assalamu alaikum. Ina da abokin karatu da yake fitar da riɗi ta tashar Apapa, yana neman wanda zai riƙa cika masa kwantena duk wata, kuma na san wani dattijo a kasuwar Dawanau da yake tara riɗi daga Maigatari. Shin in ba kowa lambar ɗan'uwansa, ko in zaunar da su wuri ɗaya? Ba la'ada nake nema ba, ina son kowa ya gane amfanin ganawar.

Hajiya Mai Zoɓo: Wa alaikumus salam. Kada ka ba da lambar dattijon kafin ka je rumfarsa ka nemi izini. Amma ka fara tambayar abokin naka tan nawa yake so, fari yake nema ko ja, wane irin tsafta da bushewa yake karɓa, kuma nan take yake biya ko sai kaya sun isa Legas. Ƙaramar kwantena tana cin kusan tan 19, saboda haka idan Alhajin tan 5 yake iya tarawa a wata, ko kuma ba ya sakin kaya bashi, ganawar ba ta da amfani. Idan sun dace, ka faɗa a gabansu biyun abin da kowa yake da shi, da inda ka san shi, sannan a ba baƙon samfur ya tafi da shi.

Ɗan Gumel: Malam, ka yanke la'adarka tukuna. Ni na haɗa wasu biyu, na yi zirga-zirga wata guda da man motata, suna gama ciniki na farko suka daina ɗaukar wayata. Da aka sami yashi a wasu buhuna, ni suka nema, ni mai sayen ya ɗora wa laifi a gaban mutane. Kashi 1 cikin 100 muka yi da baki, ko sisi ban gani ba.

Baba Dillali: Ni a kan buhu nake karɓa, ba kashi ba, kuma daga mai sayarwa. Wanda bai taɓa tsayawa gaban sikeli ba ya bar mana wannan magana.

Hajiya Mai Zoɓo: Baba, da girmanka, ai ya ce ba dillanci zai yi ba. Sai dai labarin Ɗan Gumel ya tuna mini abu ɗaya: ka gaya musu a fili cewa ka san mutuncinsu ne, ba ka tsaya wa kaya ko kuɗi ba.

Abu Khadija: Na gode, Hajiya. To idan dattijon ya tambaye ni ko abokina yana biya a kan lokaci, alhali ban taɓa ciniki da shi ba fa?

Ɗan Gumel: Biyan ne matsalar. Har yau akwai masu riƙe kuɗin mutane wata uku da sunan ana gwada samfur a Legas.