Baba zai cika 70, an ba ni minti uku in yi jawabi: ku agaza mani

Ummin_Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙarshen watan nan za mu yi wa mahaifinmu walimar cika shekara 70 a gidanmu da ke Ƙofar Marusa. Takardunshi sun ce 1955 aka haife shi. Direba ne tun yana saurayi, ya fara da yaron mota, ya tuƙa gingimari, daga baya ya koma kiya-kiya tsakanin Katsina da Jibiya har idonshi ya fara ba shi matsala ya ajiye. Babban yayanmu ya ce shi ba zai iya tsayawa gaban Baba ya yi magana ba, sai abin ya faɗo kaina. Baffanmu ya ce minti uku kacal gare ni, tsakanin addu'ar liman da fito da abinci.

Na zauna na rubuta shafi huɗu, tun daga samun 'yancin kai a 1960 na jero shugabannin ƙasa ɗaya bayan ɗaya da abin da ya faru a zamaninsu. Da na karanta wa maigidana sai ya ce kamar labarun ƙarfe bakwai. To in rage wannan ne, ko in yar da shi in sake? Wanda ya taɓa yin irin wannan ya faɗa mani yadda ta kaya.

AbuSumayya:
Wa alaikumus salam. Kafin a je ga jawabi, shi bikin zagayowar haihuwar ina aka samo shi? Ku yi sadaka kawai ya fi.

Ummin_Khalifa:
Malam, walima na ce. Ba kyandir, ba yanka kek. Sauka za a yi da safe, a ci shinkafa, jikoki su gaishe shi.

Ɗan_Tasha:
Hajiya ki kira MC kawai ki huta. Mu da muka yi na kakarmu dubu 15 muka ba wani yaro, da lasifikarshi da komai, ya zo ya kwarara mata kirari har ta yi kuka.

Maman_Ikram:
Dubu 15 a wace shekara? Bara a Daura dubu 40 aka ce mana, kuma man janareta namu.

Ɗan_Tasha:
To ai ku kun je da mota mai sheƙi ne shi ya sa.

Tsohon_Hedimasta:
Ɗiyata, maigidanki ya faɗa maki gaskiya, ki yar da shafi huɗun nan. Na yi shekaru ina tsara wa ɗalibai jawabin yaye, minti uku ba ya ɗaukar fiye da shafi ɗaya na rubutun hannu, in za ki yi magana a natse ki bar wa mutane wurin cewa amin. Kuma mutanen da za su zauna gabanki su suka rayu a shekarun nan. Ba ki da abin da za ki gaya wa ɗan shekara 70 a kan Gowon ko Murtala. Abin da ba su taɓa ji ba shi ne 'yarshi ta faɗi inda shi yake lokacin da abin ke faruwa.

Ki ɗauki shekara uku kawai, kowace ki ɗaure ta da abu guda da ya same shi. Sa'arki ɗaya, direba ne. A watan Afrilun 1972 aka yi canjin hannu, motoci suka bar hagu suka koma dama, lokacin yana ɗan 17, ina kyautata zaton yana bayan mota yana ɗaure kaya. Ranar 1 ga Janairun 1973 aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma, kuma yaron mota shi ke rigima da fasinja a kan canji. Sai 23 ga Satumban 1987 da aka yanke Jihar Katsina daga Kaduna, yana ɗan 32, mai yiwuwa an fara haihuwarku. Amma kar ki ƙirƙira mashi labari. Ki je da daddare ki zauna ki ce, "Baba, ranar canjin hannu ina kuke?" ki yi shiru. Abin da ya fito daga bakinshi shi ne jawabinki.

Injiniya_KT:
Malam ina jin ka juya su. Naira ce 1972, canjin hannu 1973. Haka na sani. Amma na yarda da batun shekara uku.

Tsohon_Hedimasta:
A'a Injiniya. Ina makarantar horon malamai aka yi duka biyun. Hannu aka fara canjawa, kuɗi suka biyo baya da wata tara.

Injiniya_KT:
To na janye. Sai dai ni abin da zan ƙara, ta tabbatar 70 ɗin ce. Mutanen lokacin da yawa rantsuwar kotu suka yi suka samu takardar shekaru, shi ya sa rabinsu ranar 1 ga Janairu aka "haife" su. Namu mahaifin mun buga riguna da 70, sai ga yayarshi ta ce ƙarya ne, ya ba 73 baya.

Ummin_Khalifa:
Haha, na Baba ma 1 ga Janairu ne. Amma kullum yana cewa shekarar da ya fara azumin rabin yini aka kashe Sardauna.

Tsohon_Hedimasta:
To lissafin ya yi. 15 ga Janairun 1966 ne, kuma cikin azumi abin ya faru. Yaron da ke gwada azumi a lokacin bai wuce 9 zuwa 11 ba, kin ga 1955 bai yi nisa ba. Wannan ma ya fi 1960 kyau a buɗe da shi, don a 1960 yana ɗan shekara biyar, ba abin da zai tuna. Wani abu kuma, in da watan Musulunci za a lissafa, ya haura 72, don shekararmu ta gaza ta Bature da kwana kusan 11. Tsofaffi na son a faɗi wannan.

Bawan_Allah77:
'Yar uwa ni shawarata kar ki yi jawabin kwata-kwata. Ni na yi, har yau ina biyan bashinshi. Shekara uku da suka wuce muka yi wa namu tsohon. Ma'aikaci ne da aka sallama daga aiki a 1984, muka sha wuya ƙwarai, shekara biyu tuwon dawa da miyar kuka ba nama. Na tashi da zuciya ɗaya na ce a shekarun nan mahaifiyata ce ta sayar da 'yan kunnenta da kwallayenta ta riƙe gidan. Gaskiya ce, kowa ya sani. Amma matan gidan biyu ne, kuma ɗayar na zaune a gaba da 'ya'yanta bakwai. Ban gama ba ta miƙe ta shiga ɗaki. Babban ɗanta ya karɓe makirfo ya ce ita ma ta sayar da akuyoyinta, ba ta dai iya tallar kanta ba ne. Shi kuma tsoho ya sunkuyar da kai, don ashe abin da ya fi tsana a duniya shi ne a tuna mashi an kore shi daga aiki gaban surukanshi. Abinci ya huce ba wanda ya ci na kirki.

Bara ya rasu. Wurin rabon gado aka sake tono maganar, wai tun ranar walima na nuna ɗakinmu ne 'yan gida su bare. Yanzu da ni da 'yan ɗakin can sai gaisuwar Sallah ta waya. Minti biyar ne fa.

Maman_Ikram:
Innalillahi. Allah ya jiƙanshi. Amma kai ma ka yi wauta, yabon uwa gaban kishiya?

Bawan_Allah77:
Ki faɗi abin da kike so. Ku da ba ku taɓa riƙe makirfo gaban dangi ba ne ke ganin abin da sauƙi. Shi ma Malam jawabin makaranta ya sani, ɗalibai ba su da kishiya.

Tsohon_Hedimasta:
Mata uku gare ni, yaro.

Ɗan_Tasha:
Shi ke nan, an rufe taro da addu'a.

Ummin_Khalifa:
Yaya Bawan Allah, labarinka ya tsorata ni, don mu ma ɗaki biyu ne, kuma a shafi huɗun har na sa hatsarin da ya yi a hanyar Kano wanda yaron motarshi ya rasu. Na cire. Jiya na bi shawarar Malam na je na zauna da Baba, ga abin da na haɗa, ku duba mani:

"Bayan godiya ga Allah da salati ga Annabi, iyayena da yayyena, ku yi mani afuwa, ƙaramar cikinku ce ke magana. Baba ya ce mana azuminshi na farko, na rabin yini, shi ne wanda aka rasa Sardauna a cikinshi. Daga wannan azumin zuwa na bana, ku lissafa nawa Allah ya nuna mashi. Ya ce ranar da aka yi canjin hannu a 1972 yana saman kaya a bayan gingimari, maigidanshi ya sa shi ya riƙa ihu 'dama, dama' tun daga Katsina har Kano. Mu ma haka ya tashe mu, kullum yana bayanmu yana ce mana dama. A 1987, shekarar da Katsina ta zama jiha, ya sayi motar kanshi ta farko, kuma da ita aka yi wa kowa a gidan nan kuɗin makaranta, ɗaki da ɗaki. Iyayenmu mata, Allah ya saka maku da alheri baki ɗaya. Baba, an ce shekarun al'ummar Annabi tsakanin 60 ne da 70, kaɗan ke wucewa. Muna roƙon Allah ya sa kuna cikin kaɗan ɗin, da lafiya da imani."

Tsohon_Hedimasta:
Madalla. "Dama, dama" ɗin nan ya fi shugabannin ƙasa goma sha. Sai dai hadisin ƙarshe ki bar wa liman. Sahihi ne, amma daga bakin ɗiya, gaban mutum ranar da ya cika 70 daidai, wani zai ji kamar ana ce mashi lokaci ya yi.

AbuSumayya:
Ni kuwa shi kaɗai ne abin da ya burge ni a ciki. Tunatarwa ce, kar ki cire.

Maman_Ikram:
Ni tambayata, wa ya biya kuɗin walimar? Don mu abin da ya raba mu ke nan, ba jawabi ba. An yanka wa kowa dubu 30, mu mata muka biya cif, mazan biyu suka ce sai ƙarshen wata. Ranar taro su ne a gaba da manyan riguna ana ta yi masu godiya a lasifika.

Injiniya_KT:
Kullum mazan ne. Wa ke biyan kuɗin asibitin tsoho duk wata, ana sanarwa a lasifika?

Bawan_Allah77:
Nima ni na biya rumfa da kujeru ɗari ranar, ba wanda ya tuna da wannan wurin rabon gado.

Ummin_Khalifa:
Wannan kuma kar ku tayar mani, har yanzu mutum uku ba su turo nasu ba, kuma mai rumfa ya ce in ba a ba shi rabi ranar Laraba ba, zai ba wani. Hadisin dai har yanzu ban san ko in bari ko in cire ba.

Ɗan_Tasha:
Nawa ya ce maki kujera ɗaya? Kar ki biya sai kin faɗa mani.