Wace kalma za mu ba ɗaukewar numfashin jariri a tarin shiƙa?

Mai fassara: Jama'a, ina shirya bayani kan tarin shiƙa domin masu jego, sai na ci karo da kalmar da likitoci ke kira afniya, wato jariri ya daina numfashi na ɗan lokaci. Na rubuta "shiɗewa", amma hankalina bai kwanta ba.

Malamin Hausa: Malama, ai sunan cutar ya wadatar, domin kowa ya san ƙarar da yaro ke yi idan ya ja iska bayan tari ya turnuƙe shi.

Likitar yara: Malam, wannan ƙarar ta manyan yara ce. Cutar tana farawa kamar mura na mako 1 zuwa 2, zazzaɓin ma ba ya yin yawa, sannan tarin ya riƙa zuwa a jere har da amai na tsawon makonni, kafin ya lafa a hankali. Amma jaririn da bai kai wata 3 ba sau da yawa ba ya yin ƙarar, wani ma ba ya tari sosai. Uwa za ta ga ɗanta mai mako 4 yana 'yar mura, sai ya yi tsit kusan daƙiƙa 20, leɓɓansa da harshensa su yi shuɗi, sannan ya dawo kamar ba abin da ya faru. Idan ta jira ƙara, za ta makara. Mukan ɗebi majina daga can cikin hanci a yi gwajin PCR, wanda ya fi kama ƙwayar a makonni 3 na farko, kuma mukan fara magani kafin sakamako ya fito. Ina tsoron "shiɗewa", domin mutane za su ɗauka yaron ya yi kuka ne har ya sandare, alhali wannan yakan zo ko yana barci. Na fi son "ɗaukewar numfashi".

Wata uwa: Likita, an yi mini allura sau biyu a wurin awo, ke nan ɗana ya tsira?

Likitar yara: 'Yar'uwa, ki duba katinki. Idan Td aka rubuta, wato rigakafin tetanus da mashaƙo, babu kariyar tarin shiƙa a ciki. Tdap ce ke da ita. Jariri ba ya karɓar allurarsa ta farko ta tarin shiƙa sai ya kai mako 6 ko wata 2, shi ya sa ƙasashen da ke ba masu ciki Tdap suke yi kafin haihuwa, wasu tsakanin mako 27 da 36, domin garkuwar da jikin uwa ya haɗa ta ratsa mabiyiya zuwa jinin ɗan. Ana maimaitawa a kowane ciki saboda garkuwar tana raguwa.

Malamin Hausa: Na yarda, sai dai akan ce numfashin mutum ya ɗauke idan ya rasu, kuma kalmar za ta firgita uwa. Me zai hana a ce "tsaikon numfashi"?

Mai fassara: Zan sa "ɗaukewar numfashi na ɗan lokaci", sannan in karanta wa wasu iyaye mata duka biyun in ji wadda ta fi sa su garzaya asibiti.