Wace kalma za mu ba wa ɓangaren Discussion na takardar bincike?

Hadiza: Assalamu alaikum. Ina shirya labaran lafiya da Hausa, kuma kalma ɗaya ta hana ni sakat. A takardar bincike akwai kanun da ake rubuta wa Results, sai wani can ƙasa mai suna Discussion. Na farkon mun saba ce masa sakamako. Na biyun ɗalibai na ce masa tattaunawa, ni kuwa ba ta kwanta mini ba, domin babu wanda ake tattaunawa da shi a wurin. Masu binciken ne kawai ke faɗin yadda suka fahimci abin da suka samu. Abin da ya fi damuna shi ne a rediyo duka biyun muna haɗe su mu ce "bincike ya gano". Ina neman kalmomin da za su raba wa mai sauraro su.

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Malama. Ai muna da wannan rabon tun a zaure: matani daban, sharhi daban. Almajiri ya san maganar mai littafi, ya kuma san inda mai sharhi ya shigo da fahimtarsa. Ki ce sakamako da sharhi, kowa zai gane.

Likita Bashir: Malam ya kawo hanya, amma bari mu gwada kalmar a kan takarda ta gaske mu ga ko za ta ɗauki nauyin.

A watan Maris na 2020 tawagar Didier Raoult a Marseille ta ƙasar Faransa ta fitar da bincike kan amfani da haidroksikulorokwin, wani magani ɗan'uwan kulorokwin, ga masu korona. Mutum 26 aka fara ba wa maganin, miligiram 600 a rana, aka kwatanta su da mutum 16 da ba su sha ba. Babban abin da aka auna shi ne: a rana ta shida, idan an sa tsinken auduga a hanci an yi gwaji, ana ganin ƙwayar cutar ko ba a gani. Cikin mutum 20 masu shan magani da aka ƙirga, 14 ba a ga ƙwayar ba, wato kashi 70 cikin ɗari. Cikin 16 ɗin can kuwa mutum 2 ne kawai. Cikin 20 ɗin nan akwai mutum 6 da aka haɗa musu da azitromaisin, wani maganin kashe ƙwayoyin bakteriya, dukansu gwajinsu ya fito babu ƙwaya.

Gwajin hancin nan shi ne iyakar abin da takardar ta kawo sakamakonsa. Da aka gangaro ɓangaren da Malama Hadiza ke tambaya a kai, sai marubutan suka ba da shawarar a riƙa ba masu korona magungunan nan biyu domin a warkar da su, a kuma rage yaɗuwar cutar. To, takardar ba ta kwatanta warkewa ba, ba ta kwatanta mutuwa ba, ba a bi ko mutum ɗaya an ga wanda ya harba ba. Hanci aka duba, maganar kuma ta koma ta warkewa.

Usman: Ke nan abin da sauƙi, Likita. Sakamako shi ne gaskiya tsantsa, ɗayan kuma ra'ayi. Mu ce masa ra'ayin masu bincike, mai karatu ya tsallake shi ya tsaya ga alƙaluma.

Likita Bashir: Rabi ka kama, Usman. Ka lura na ce 26 aka fara da su, amma 20 aka ƙirga? Shidan da suka fita duk daga ɓangaren masu shan magani suke. Uku an kai su sashen kulawa ta musamman, ɗaya ya bar asibiti, ɗaya ya daina sha saboda tashin zuciya, ɗaya ya rasu a rana ta uku. Wanda ya rasun nan, gwajin hancinsa na rana ta biyu ya nuna babu ƙwaya. Da ma'aunin binciken zai shiga sahun waɗanda magani ya yi wa aiki, alhali ya mutu. Sannan ba ƙuri'a aka yi wajen raba mutane gida biyu ba. Waɗanda ba su sha ba, wasu daga wasu asibitoci suke, wasu kuma su ne suka ƙi sha.

Saboda haka kashi 70 ɗin ma sai da hannun mutum ya zaɓi wanda za a ƙirga kafin ya fito. Kuma ban yarda a tsallake ɓangaren ƙarshen ba, domin a nan mai bincike na kirki yake faɗin raunin aikinsa, ya jera shi da abin da wasu suka samu. Kalmar ra'ayi ta yi masa sauƙi da yawa, kamar magana ce ta son rai.

Alhaji Garba: Ni dai a lokacin korona na sha kulorokwin da zazzaɓi ya kama ni, kwana uku na miƙe. Kada a zo ana kushe maganin da muka tashi da shi.

Hadiza: Allah ya ƙara lafiya, Alhaji. Ba maganin muke shari'a da shi ba, kalma muke nema. Amma maganarka ta shigo daidai: ka sha, ka miƙe, wannan shi ne abin da ya faru. Cewa maganin ne ya tashe ka, wannan kuma fassararka ce, tunda yawancin masu korona suna warkewa da kansu, kuma mai yiwuwa ma zazzaɓin cizon sauro ne.

Malam Sani: To ashe abu uku ne, ba biyu ba. Akwai abin da aka auna, akwai sharhin da ya tsaya a kansa, akwai kuma maganar da ta wuce shi. Ta ukun nan a wurinmu da'awa ce, mai ita sai ya kawo hujja.

Rabi daga Damagaram: Malam, da'awa a kunnen mutane da yawa wa'azi ce. Idan aka ji "da'awar masu bincike" a rediyo za a ɗauka kira suke yi zuwa ga addini. Iƙirari ya fi fita, 'yan jarida ma sun saba da shi.

Usman: Iƙirari kuma yana ɗauke da zargi, Anti. Da an ce wane ya yi iƙirari, mai ji ya fara shakka. Idan maganar mai binciken tana da ƙarfi fa, ba mu zalunce shi ba?

Likita Bashir: Shi ya sa ba zan lafta iƙirari a kan ɓangaren gaba ɗaya ba, sai a kan jimla ɗaya ɗaya. Yadda nake yi: in nemo abin da aka ce za a auna tun a bayanin tsarin bincike, in ƙirga waɗanda suka shiga da waɗanda suka kai ƙarshe, sannan in ɗauki kowace jimla ta ƙarshen takarda in nemi jadawalin da ya ɗauke ta. Wadda ta sami jadawalinta ta zauna. Wadda ta kawo sabon abu, kamar warkewa a takardar da ta auna hanci, ita ce iƙirari.

Tambayar warkewar ma an amsa ta daga baya. A gwajin RECOVERY na Birtaniya an raba marasa lafiya ta ƙuri'a, 1,561 sun sha maganin, 3,155 ba su sha ba. A cikin kwana 28 kashi 27 cikin ɗari na masu sha sun rasu, kashi 25 na ɗaya ɓangaren. Takardar Marseille kuwa mujallar ta janye ta a Disambar 2024.

Hadiza: Na gode ƙwarai. Kanun farko zan bar shi sakamako, na biyu zan gwada sharhin masu bincike, kodayake fashin baƙi ma yana raina. A bakin makirufo kuma "bincike ya gano" zan ajiye ta ga abin da aka auna kawai, sauran in ce "masu binciken na ganin cewa".

Malam Sani: Fashin baƙi bayyana ma'anar abin da ke rubuce ne, Malama, ba ya ƙara komai a kai. Wannan ɓangaren kuwa yana ƙarawa. Ni dai ina kan sharhi, sai dai in wani ya zo da wadda ta fi ta.