Neman taimako: ƙa'idar haɗa lambobi cikakku da ɓangarori ɗaya da ɗaya

Jama'a, na cije a wani wuri. Ana so in nuna ℤ da ℚ girmansu ɗaya ta hanyar rubuta ƙa'idar haɗi kai tsaye, ba hujjar cewa akwai ta kawai ba.

Na rage aikin: in na samu f daga 1, 2, 3, ... zuwa ɓangarorin da suka fi sifili, sai in ce f(0) = 0, f(−n) = −f(n). Wannan ya zauna.

Matsalar tana jerin nan na Cantor da ake bi a karkace: 1/1, 1/2, 2/1, 1/3, 2/2, 3/1. Ga 2/2 nan ya maimaita 1/1, dole a tsallake shi. Da zarar an fara tsallake, ban iya faɗin f(100) sai na ƙirga duk na gabansa.

Sai na gwada jerin Calkin da Wilf, inda x ke haifar da 1/(2⌊x⌋ − x + 1). Daga 1 na samu 1/2, 2, 1/3, 3/2, 2/3, 3, babu maimaici a iya inda na kai. To ta yaya zan tabbatar kowane ɓangare zai fito, kuma sau ɗaya tak? In an ba ni 5/7, yaya zan gano matsayinsa ba tare da bin jerin tun daga farko ba?