Neman kalma: me za mu kira farashin da sashe ke sayar wa ɗan'uwansa kaya?

Bilkisu: Assalamu alaikum. Ina rubuta wa ɗalibaina darasin lissafin kamfani da Hausa, sai na zo kan abin da ake kira taransifa firais a Turance, na tsaya cak. Shi ne farashin da wani sashe na kamfani ke sayar wa wani sashen kaya, alhali duk kamfani ɗaya ne. Ga tambayar da zan ba su, don ku ga inda kalmar za ta zauna.

Kamfani yana da sashen batir da sashen fitila. Sashen batir zai iya yin 10,000 a wata, amma 7,000 kawai yake sayarwa a waje, kowanne a kan 50. Kowane batir yana cin 30 kafin ya isa hannun mai saye, a ciki har da 2 na kwali da dako, wanda ba za a kashe ba idan sashen fitila ne ya karɓa. Haya da albashi da sauran abin da ba ya motsi suna cin 80,000 a wata. Sashen fitila yana son batir 2,000, kuma yanzu a waje yake saye a kan 46. A kan nawa kowane manaja zai yarda? Na fara rubuta "farashin cikin gida", amma raina bai kwanta ba.

Sani: Wa alaikumus salam, Malama. To ai taransifa kowa ya san ta. Ki ce "kuɗin taransifa" kawai, abin da ake cire wa mutum idan ya tura kuɗi. Ban ga abin da zai sa a sake mata suna ba.

Bilkisu: Malam Sani, abin da nake gudu ke nan. Babu banki a maganar nan, kaya ne ke tashi daga wannan sashe zuwa wancan. Idan na bar kalmar yadda take, rabin ajin abin da ka fahimta za su fahimta.

Kabiru: Ni dai "farashin cikin gida" ya yi mini. Amsar tambayar kuma ba ta da wuya. Manajan fitila ba zai wuce 46 ba, tunda a haka yake samu a waje. Manajan batir kuma sai ya mayar da duk abin da ya kashe: a raba 80,000 da 10,000, an sami 8, a ɗora a kan 28, ya zama 36. Ƙasa da 36 faɗuwa ce.

Malam Yakubu: Kabiru, a wajen mai saye ka yi daidai. A wajen mai sayarwa ne ka ɗora kayan da ba na tafiyar ba. Wannan 80,000 ɗin za a biya shi ko an ba sashen fitila batir ko ba a ba shi ba. Mai gini ba zai rage haya don injin ya kwana ba aiki ba. Abin da manajan batir zai tambayi kansa shi ne: idan na yi ƙarin batir ɗaya na miƙa, me zai fita daga aljihuna wanda da bai fita ba? Amsa ita ce 28. Sai tambaya ta biyu: akwai cinikin waje da zan bari ya wuce saboda wannan? Babu, domin yana da wurin 3,000, ana neman 2,000. Don haka ƙasansa 28 ne. Ko a kan 29 aka ba shi, ribar sashensa ta ƙaru da 2,000 a wata.

Ka ga 36 ɗinka ba ta yi ɓarna a nan ba, tunda ba ta kai 46 ba, cinikin zai faɗa. Amma a ce na waje ya sauko zuwa 35. Manajan batir ya tsaya a kan 36, na fitila ya tafi waje, kamfani ya biya baƙo 35 a kan abin da zai iya yi da 28. Asarar 14,000 ke nan duk wata, kuma ba za ta fito a littafin kowane sashe da sunan asara ba, kowa zai ga kamar ya kare nasa ne.

A kan kalma kuwa, Malama, ranki ya yi gaskiya. Wanda ya ji "farashin cikin gida" zai ɗauka farashin kaya a cikin ƙasa ake nufi, saɓanin na fitarwa waje. Ni "farashin miƙawa" nake cewa. Miƙawa tana nuna kaya sun sauya hannu ba tare da sun bar gidan ba.

Hajiya Rabi: Malam, "miƙawa" ta yi sanyi da yawa. Kamar ba a ja-in-ja, alhali na ga manajoji biyu sun yi wata guda ba sa gaisawa a kan wannan farashin. Me zai hana "farashin ya-mu-ya-mu"? Kowa ya ji ya san tsakanin 'yan gida ɗaya ne.

Malam Yakubu: Tana da daɗi a baki, Hajiya, amma tana ɗauke da ƙanshin ragi, kamar dole a sassauta wa ɗan'uwa. Ba kullum ba ne. Ranar da sashen batir ke sayar da duk 10,000 ɗinsa a waje, ƙasansa zai koma 48: 28 ɗin da ya kashe, da 20 ɗin da yake samu a kan kowane batir a waje wanda yanzu zai rasa. A lokacin babu farashin da zai yi wa su biyun, domin 48 ta wuce 46, kuma abin da ya fi wa kamfanin shi ne sashen fitila ya ci gaba da saye a waje. Kalmar da ke sa ɗalibi jin cewa ƙin sayar wa ɗan'uwa rashin zumunci ne za ta kai shi ga amsar da ba daidai ba.

Bilkisu: Na karɓi wannan. To iyakokin biyu fa? "Mafi ƙanƙanta" da "mafi girma" ba sa nuna na wane ne.

Hajiya Rabi: A nan harshen ciniki ya gama mana aiki. Mai saye tayi yake yi, mai kaya ya ce albarka har a zo inda zai sallama. Ki kira 28 "ƙarshen sallamawa", ki kira 46 "ƙurewar tayi". Abin da ke tsakaninsu "filin ciniki".

Malam Yakubu: Madalla, wannan ta zauna. Filin nan faɗinsa 18 ne, a batir 2,000 ya zama 36,000. Kuɗin nan na kamfani ne duk inda aka tsayar da farashin a cikin filin. Abin da farashin ke yi shi ne rabo: a kan 37 kowa ya tashi da 18,000, a kan 44 sashen batir ya kwashe 32,000 ya bar wa na fitila 4,000.

Sai dai a kula da ƙurewar tayi. Ba kullum farashin waje ne ke tsayar da ita ba. A ce fitila ana sayar da ita 120, sauran kayan haɗinta da aikinta suna cin 65, to abin da ya rage wa batir 55 ne. Manajan fitila zai duba 55 da 46 ya ɗauki ƙaramar. Da fitilar za ta faɗi zuwa 105, saura 40 ke nan, ƙurewar tayinsa ta sauko 40 ko da na waje yana nan a kan 46.

Kabiru: Na gane kuskurena a kan hayar. Amma Malam, idan sashen fitila ya ce 4,000 yake so fa? Wurin 3,000 ne kawai. Ai sai a koma 48 gaba ɗaya.

Malam Yakubu: Ba gaba ɗaya ba. Batir 1,000 ne kawai za a janye daga kasuwa, abin da za a rasa 20,000. Idan dole sai an ba da 4,000 ɗin a dunƙule, a raba 20,000 da 4,000, an sami 5, ƙarshen sallamawa ya zama 33. Filin yana nan, daga 33 zuwa 46, kamfani ya amfana da 52,000. Amma ka duba da kyau. Idan za a iya rabawa, sashen batir ya ba da 3,000, a sayo 1,000 a waje, amfanin 54,000 ne. Dubun nan ta ƙarshe kowane batir a cikinta yana cin kamfani 48, ga shi a waje a kan 46. Matsakaicin 33 ne ya lulluɓe ta. Ɗaliban da suka iya lissafi ma a nan suke zamewa, shi ya sa nake son a riƙa tambayarsu ko odar tana rabuwa kafin su taɓa alƙalami.

Hajiya Rabi: Ni damuwata tana kan wannan "wurin 3,000" da kuke ta faɗa. Malama, me kika kira shi a darasin?

Bilkisu: "Injin da ke kwance" na rubuta.

Hajiya Rabi: To ki sake dubawa. A wani kamfani da na yi aiki, an kawo mana irin wannan lissafin daga sama, aka ce injinmu yana kwana ba aiki kwana biyu a mako, don haka mu ba ɗaya sashen kaya a kan abin da muka kashe kawai. Gaskiya ne injin yana kwance. Amma mutum biyu ne kawai suka iya saita shi, kuma a kwanakin nan suna kan wani injin. Sai da muka riƙa biyan kuɗin ƙarin lokaci, muka kuma jinkirta odar wani tsohon mai sayenmu har ya koma wani wuri. A takarda muna da sarari, a ɗakin aiki ba mu da shi. A ƙarshen shekara kuma da ribar sashe aka auna mu. Har yau abin yana ci mini rai, domin ma'aikatana ne suka rasa ladansu. Idan ɗalibi ya koyi cewa inji a kwance shi ne sarari, zai je ya yi wa wasu abin da aka yi mana.

Malam Yakubu: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Lissafin bai yi ƙarya ba, abin da aka zuba masa ne bai cika ba. Kuɗin ƙarin lokaci da cinikin da kuka rasa duk cikin ƙarshen sallamawarku suke. Ni zan ce "rarar ƙarfin aiki", ta haɗa inji da mutane da lokaci.

Hajiya Rabi: "Rara" tana nufin abin da ya yi saura bayan an gama. Wannan kuwa ba a taɓa shi ba tukuna. Na fi son "sararin aiki".

Sani: Yanzu na fahimci tambayar, ku yi haƙuri da na farko. Amma na taɓa jin kalmar nan a bakin masu haraji. Ita ce dai?

Malam Yakubu: Ita ce. Idan sassan biyu kamfanoni ne masu uwa ɗaya a ƙasashe daban-daban, farashin yana yanke ƙasar da riba za ta bayyana a cikinta, don haka hukumomin haraji ke neman a sa farashin da baƙo da baƙo za su yi ciniki a kansa. A can ma "farashin miƙawa" za ta yi aiki, "ya-mu-ya-mu" kuwa za ta zama kamar zargi.

Bilkisu: Na gode ƙwarai. Na rubuta farashin miƙawa, ƙarshen sallamawa, ƙurewar tayi da filin ciniki. Tsakanin "rarar ƙarfin aiki" da "sararin aiki" ban yanke ba. Zan karanta wa ɗalibai tambayar batir 4,000 da kowacce, in ji wadda za ta sa su tambaye ni ko ma'aikatan ma suna da lokaci. Hajiya, in kin yarda zan sa labarin injinku a darasin, ba tare da suna ba.

Hajiya Rabi: Na yarda. Ki sa har da mai sayen da ya tafi.